Filashin ceto: me ya sa yake tashi a wannan kwamfuta ya ƙi a waccan

Idan kwamfuta ta ƙi tashi, galibi takardu da hotunan da ke cikinta suna nan lafiya lau. Abin da ya lalace 'yan fayilolin da ke tayar da Windows ne, sau da yawa saboda an ɗauke wuta ana tsakiyar sabunta manhaja, ga batir kuwa ya daɗe da mutuwa. A irin wannan rana ake neman filashin ceto, wato filashin da aka zuba masa ƙaramin tsarin aiki na kansa. Sai a soka shi, kwamfutar ta tashi daga kansa maimakon faifan da ke cikinta, a kwashe fayiloli, sannan a gyara abin da ya ɓaci.

Haɗa shi aikin 'yan mintuna ne. Inda gizo ke saƙar shi ne mutum ya haɗa, ya ga an rubuta masa an kammala, ya soka a kwamfutar da ta mutu, ita kuwa ta yi kamar ba ta san da shi ba. Da yawa sukan ce filashin jabu ne, su koma kasuwa su sayo wani, shi ma ya ƙi. Filashin jabu akwai shi, zan kuwa taɓo shi a gaba, amma mafi yawan lokaci laifin yana cikin wani ɗan akwati da aka wuce ba a duba ba lokacin haɗawa, wanda aka rubuta wa `Partition scheme`.

Kowane faifai, na ciki ne ko filashi, ba a fara zuba masa kaya sai an yanka shi, kamar yadda ake yanka fili fuloti-fuloti a ajiye takardar da ta nuna inda kowanne ya fara da inda ya ƙare. Hanyoyin rubuta wannan takarda biyu ne. Tsohuwar ita ce MBR, wadda ta zo a 1983. Duk bayaninta yana cikin bait 512 na farkon faifai: 446 na ɗan umarnin da ke tayar da na'ura, 64 na jerin yankuna, sauran biyun kuma alama ce da ke nuna faifan na iya tayarwa. Wurin ya yi kaɗan, shi ya sa manyan yankuna huɗu kawai take ɗauka, kuma a faifai na yau da kullum ba ta ganin abin da ya wuce terabait 2. Sabuwar ita ce GPT. A Windows tana ɗaukar yankuna har 128, tana kuma ajiye kwafin jerin a ƙarshen faifai ko da na farkon zai lalace.

Wannan rabi ne na labarin. Ɗaya rabin yana cikin kwamfutar kanta. Da ka danna maɓallin kunnawa, kafin Windows ya motsa, akwai wata ƙaramar manhaja da ke zaune cikin allon na'urar, ita ce ke fara farkawa ta nemo abin da za ta tayar. Tsohuwarta sunanta BIOS, kuma ba ta san fayil ba, ba ta san folda ba. Abin da ta iya kawai shi ne ta karanta bait 512 ɗin nan na farko, ta miƙa ragama ga umarnin da ta tarar. Sabuwarta, UEFI, ta fi wayo: tana buɗe yankin da aka yi wa fomatin na FAT32, ta shiga folda, ta nemi fayil mai wannan suna:

```
\EFI\BOOT\BOOTX64.EFI
```

In ta same shi ta tayar, in babu ta wuce abinta. Tun fitowar Windows 8 a 2012 kusan duk sabuwar kwamfuta da UEFI take zuwa, sai dai kamfanoni sun ɗauki shekaru suna barin wata ƙofa da ke sa ta kwaikwayi tsohuwar. A saituna za ka ga an kira ƙofar `Legacy` ko `CSM`. A kwamfutocin 'yan shekarun nan da yawa an toshe ta gaba ɗaya.

To ga inda ake rikicewa. Mutane sun haddace cewa GPT na UEFI ne, MBR na BIOS ne. Wannan ƙa'ida ce da Windows ya ɗora wa faifan cikin kwamfuta, inda yake zaune. Ga filashi kuwa abin bai kai haka tsauri ba. UEFI tana tashi daga filashi mai MBR ba tare da gardama ba, muddin FAT32 ne kuma fayil ɗin can yana wurinsa. Wadda ba ta da sassauci ita ce tsohuwar hanya: filashin da aka haɗa da GPT domin UEFI zalla ba shi da umarnin tayarwa da BIOS ke nema a farkonsa. Saboda haka a ganina, ga filashin da za a ajiye domin ranar tsiya, wanda ba a san a wace na'ura za a soka shi ba, MBR ya fi GPT amfani, duk da shi ne tsoho.

Wannan ya shafe mu fiye da mutanen ƙasashen da ake sayen kwamfuta sabuwa fil a kwali. Yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da ƙananan ofisoshi na gwanjo ne, kuma kafin su iso hannun mai su wani ya riga ya sake sa musu Windows da filashin da ya saba da shi. Shekarar da aka ƙera na'ura ba ta gaya maka ta wace hanya take tashi. Za ka ga ƙirar 2016, mai cikakkiyar UEFI, amma an mayar da ita `Legacy` an zuba Windows a faifai mai MBR. Sai an duba ake sani, kuma gara a duba tun tana da rai. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta:

```
msinfo32
```

A shafin da zai buɗe nemi layin `BIOS Mode`. Zai ce `UEFI` ko `Legacy`. Rubuta amsar a 'yar takarda ka manna a ƙarƙashin kwamfutar. Mai amfani da Linux kuma ya duba ko akwai foldar `/sys/firmware/efi`. In akwai, ta UEFI ya tashi.

Bari mu bi misali guda daki-daki. A ce wata malamar makaranta tana da kwamfutar cinya ta gwanjo ƙirar HP mai Windows 10, da sakamakon jarrabawar ajinta a ciki. Wata safiya ta kunna, sai baƙin allo da ɗan layin rubutu cewa ba a sami abin tayarwa ba. Ƙaninta ya ari kwamfutar abokinsa, ya sauko da fayil ɗin ISO na Windows 10, wato kwafin faifan girkawa, ya buɗe Rufus. Rufus ƙaramar manhaja ce ta kyauta da Pete Batard ya fara fitarwa a 2011, kuma ita ce a hannun yawancin masu gyara. Ya zaɓi filashi, ya zaɓi ISO, ya ga `GPT` a akwatin `Partition scheme`, kusa da shi kuma `Target system` ya nuna `UEFI (non CSM)`. Bai taɓa komai ba, ya danna `START`.

Ya dawo gida ya soka, ya kunna yana danna F9, wanda shi ne maɓallin jerin abubuwan tayarwa a HP. A Dell da yawancin Lenovo F12 ne. Sunan filashin ya fito, ya zaɓa, sai ga wannan:

```
ERROR: BIOS/LEGACY BOOT OF UEFI-ONLY MEDIA
```

Wannan saƙo ba daga kwamfutar ya fito ba. Rufus ne ya dasa shi a farkon filashin domin ya sanar da kai cewa an haɗa shi don UEFI amma an tayar da shi ta tsohuwar hanya. Saƙon ya riga ya faɗi abin da ake buƙatar sani: kwamfutar malama a `Legacy` take. Da yaron ya tsaya nan ya koma ya sake haɗa filashin, da magana ta ƙare.

Abin da aka fi yi shi ne akasin haka. Sai a shiga saituna da F10, a juya na'urar zuwa UEFI domin ta karɓi filashin. Tana kuwa karɓa. Allon girka Windows ya fito, kowa ya yi ajiyar zuciya. An gwada gyaran kai tsaye, ya ce bai iya ba, domin yana neman kayan tayarwa irin na UEFI a faifan da ba shi da su. Sai a ce to a sake girka Windows kawai. A nan ma ya ƙi, yana cewa:

```
The selected disk has an MBR partition table.
On EFI systems, Windows can only be installed to GPT disks.
```

Wato faifan ciki MBR ne, kai kuma ka shigo ta UEFI. Saƙon yana da ɗan'uwa da ke fitowa idan aka yi kuskuren ta ɗaya gefen, aka shigo ta `Legacy` alhali faifan GPT ne. Shi kuma cewa yake `The selected disk is of the GPT partition style`. Dukansu abu ɗaya suke faɗa, cewa hanyar da ka tayar da filashi ba ta dace da faifan ciki ba. Ba su ce faifan ya lalace ba.

A daidai wannan gaɓa ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa cikin sauƙi. Maganin da ya fi yawo a bakin masu gyara na gaggawa shi ne a buɗe `diskpart` a zaɓi faifan, a rubuta `clean`, sannan `convert gpt`. Saƙon kuwa zai ɓace, Windows zai girku sumul. Amma `clean` share jerin yankunan faifan yake yi dungurungum, cikin ƙiftawar ido, ba tare da ya tambaye ka ko ka tabbata ba. Sakamakon jarrabawar malama ya tafi, sabon Windows kuma ya hau kan wurin da yake. An zo ceton fayiloli an ƙare da kwamfuta mai tashi wadda babu komai a cikinta. Duk mai gyaran da ka ga zai rubuta wannan kalma a na'urarka, tsayar da shi ka tambaye shi inda ya kwafe kayanka.

Ga yadda ya kamata a bi. Tunda kwamfutar ta mutu ba a duba `msinfo32` ba, filashin da ya tashi ta kowace hanya zai iya ba da amsa. A allon farko na girkawa a danna Shift tare da F10, baƙar taga za ta buɗe, a rubuta:

```
diskpart
list disk
exit
```

Jerin faifai zai fito, da shafi na ƙarshe mai suna `Gpt`. In akwai tauraro a gaban faifan ciki, GPT ne. In wurin fayau yake, MBR ne. Waɗannan layuka uku kallo kawai suke yi, ba sa taɓa komai. A na malama babu tauraro. Don haka sai a mayar da saitin na'urar `Legacy` yadda aka same shi, a koma Rufus a zaɓi `MBR`, a ga `Target system` ya koma `BIOS (or UEFI-CSM)`, a sake haɗawa. Mayar da saitin nan wajibi ne, domin ko an gyara komai, faifai mai MBR ba zai tayar da Windows ba matuƙar na'urar tana kan UEFI zalla.

Da filashin ya tashi ta hanyar da ta dace, kada a fara da gyara. A fara da kwashe kaya. A baƙar tagar nan a rubuta `notepad`, a shiga `File` sannan `Open`, a sauya nau'in fayil zuwa `All Files`. Tagar da za ta buɗe tana nuna duk faifan da ke jikin na'urar, kuma ana iya kwafe folda daga ciki a sauke a wani filashi na daban. Ba ta nuna ci gaban aiki, sai a yi haƙuri a jira. Kada a firgita idan ba a ga komai a `C:` ba, domin a nan haruffa sukan sauya, Windows ya koma `D:` ko `E:`. Bayan kaya sun tsira sai a zaɓi `Repair your computer` a gwada `Startup Repair`. In bai yi ba, a faifai mai MBR ana gwada waɗannan:

```
bootrec /fixmbr
bootrec /rebuildbcd
```

Na farko yana sake rubuta ɗan umarnin tayarwa ba tare da taɓa jerin yankuna ba, na biyu yana nemo Windows ɗin da ke faifan ya mayar da shi jerin tayarwa. A na'ura mai UEFI na farkon ba shi da wani amfani, tunda ita ba ta karanta wannan wuri; can `bcdboot` ake amfani da shi a sake zuba fayilolin tayarwa a ƙaramin yankin FAT32 na faifan. Wanda kuma yake son ya bar MBR ya koma GPT, misali domin Windows 11 da ke buƙatar UEFI, akwai `mbr2gpt` da Microsoft ta saka tun 2017, yana juyawa ba tare da share kaya ba. Amma wannan aikin ranar lafiya ne, bayan an yi kwafi.

Akwai tarko na biyu da ke kama masu haɗa filashi da hannu. FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai giga 4. A ISO na Windows na 'yan shekarun nan akwai fayil mai suna `install.wim` da ya zarce haka. Mutum zai yi fomatin na FAT32, ya kwafe komai, babban fayil ɗin ya ƙi shiga. Filashin zai tashi, amma girkawa ta tsaya a hanya. Sai ya ce bari ya yi NTFS, wanda ke ɗaukar manyan fayiloli. Yanzu komai ya shiga, amma kwamfutoci da yawa masu UEFI ba su iya karanta NTFS ba, filashin ma ba zai fito a jeri ba. Rufus yana kauce wa wannan da dabara: yana zuba kayan a NTFS, ya yanki wani ɗan mitsitsin yanki a ƙarshe mai suna `UEFI:NTFS` wanda ke koya wa na'urar karanta babban. Idan ka ga wannan ɗan yanki a filashinka, kada ka share shi da sunan tsafta.

Wanda ba ya son duk wannan lissafi yana da hanyoyi biyu masu sauƙi. Ta farko ita ce manhajar Microsoft mai suna `Media Creation Tool`. Tana son filashi mai aƙalla giga 8 da intanet mai ƙarfi, domin da kanta take sauko da Windows, kuma kuɗin data ba wasa ba ne. Tana matse babban fayil ɗin ya shiga FAT32, filashin da ta haɗa kuma yana tashi ta hanyoyin biyu. Ta biyu ita ce Ventoy, wadda ta fito a 2020, kuma ita nake ba mai kula da kwamfutoci da yawa shawara ya riƙe. Sau ɗaya ake girka ta a filashi. Tana yanka shi biyu, ƙaramin yanki na megabait 32 domin tayarwa, da babba inda kake jefa fayilolin ISO kamar yadda kake jefa hotuna. Kana iya ajiye Windows 10, da Windows 11, da Ubuntu ko SystemRescue a filashi guda, in ya tashi ya nuna maka jeri ka zaɓa. Ubuntu yana da daɗin kwashe fayiloli, domin yana buɗewa da cikakken allo da linzami ba tare da an girka shi ba. Ventoy da MBR take zuwa tun asali, a bar ta a haka.

Sai dai filashi mai tashi ta hanya biyu bai ɗauke maka zaɓi ba, ya dai matsar da shi zuwa lokacin kunnawa. A na'urar da ƙofofin biyu ke buɗe, sunansa zai fito sau biyu a jerin tayarwa, ɗaya da `UEFI` a gabansa ko ƙarƙashin wannan kanu, ɗaya kuma haka nan. Filashi ɗaya ne, amma layin da ka zaɓa shi ne hanyar da ka shigo. Faifan ciki mai tauraro, ɗauki mai `UEFI`. Marar tauraro, ɗauki ɗayan.

Wani lokaci rabon faifai daidai yake amma `Secure Boot` ne ya tare hanya. Wannan tsaro ne na UEFI da ke hana tayar da abin da ba shi da sa hannun da na'urar ta amince da shi. Filashin Microsoft yana wucewa, Ubuntu ma haka. Ventoy a karon farko takan nuna shuɗin allo mai cewa `Security Violation`, sai an bi matakan shigar da makullinta sau ɗaya a wannan na'ura. Mutane da yawa sukan kashe tsaron kawai, amma a yi hattara: idan faifan ciki yana kulle da BitLocker, taɓa wannan saiti na iya sa Windows ya nemi lambar buɗewa mai alƙaluma 48. Sababbin kwamfutoci da yawa suna kulle faifan da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, mai su bai ma sani ba. Lambar tana ajiye a asusun. A nemo ta a rubuta a takarda tun kafin a shiga saituna, domin ba tare da ita ba babu filashin da zai nuna maka fayil ko ɗaya.

Batun filashin jabu kuwa, alamarsa daban ce. Yana nuna giga 64 alhali cikinsa bai fi 8 ba, sai ya karɓi kaya ba musu, daga baya su fito a lalace. Irin wannan yakan fara tashi sannan ya maƙale a tsakiya, ba ya ɓacewa daga jeri tun farko. Manhajar `H2testw` tana cika shi ta sake karantawa ta faɗi gaskiyar girmansa. Kuma kowace daga cikin manhajojin haɗawa share filashin take yi tas, saboda haka a duba suna da girman abin da aka zaɓa sau biyu, a cire duk wani faifan waje da ke soke.

Saura gwaji, wanda shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Rubutun `READY` a Rufus yana nufin an gama rubutawa ne kawai. A ranar da aka haɗa filashi, a kashe kowace kwamfutar da ake son ya yi wa aiki, a soka shi kai tsaye a jikinta, a tayar da ita daga kansa har a ga allon farko. Tsohuwar na'ura in ta ƙi ganinsa a shuɗin rami, a gwada baƙin. Daga nan a danna Shift da F10, a yi `list disk`, a tabbatar faifan ciki ya fito a jerin, domin a wasu sababbin kwamfutoci filashin yana tashi amma ba ya ganin faifan sai an ƙara masa direban Intel RST. In ya fito, a rufe tagar, a kashe na'urar ba tare da an danna girkawa ba, a rubuta a jikin filashin abin da ke cikinsa da maɓallin tayarwar kowace kwamfuta, a ajiye shi inda ba za a are shi a zuba masa fina-finai ba.